Takardar Shaidar Abokin Aiki: Me Ka Gani da Idonka?

Lacca ga malaman makaranta da ma'aikata a Kurmin Kogi, Ƙaramar Hukumar Ikara

   

An ce in yi magana a kan takardar da mutum ke rubuta wa abokin aikinsa idan zai nemi wani aiki ko gurbin ƙaro karatu. Duk wanda ya taɓa riƙe makaranta ko asibiti a cikinku ya san yadda abin ke zuwa. Mutum zai same ka da hantsi, bayan gaisuwa ya ce, "Malam, gobe za a rufe karɓar takardu, a taimaka mini da 'yar shaida." Sai ka buɗe durowa ka zaro tsohuwar da ka rubuta wa wani bara, a kai wa mai kwamfuta a Ikara ya sauya suna, ka sa hannu, ka buga hatimi. Abin da ke cikinta duk mun haddace: ga duk wanda abin ya shafa, na san wane shekara da shekaru, mutum ne mai ƙwazo, mai gaskiya, mai ladabi da biyayya, ina roƙon a ba shi duk taimakon da ya dace. Shi ya yi godiya, kai ka ji ka sauke nauyi.

To, na zauna a ɗaya ɓangaren, wato teburin masu tantance takardun masu neman aiki, kuma ina tabbatar muku irin wannan takarda ba a karanta ta. Ba don mugunta ba. Idan mutum yana da tarin takardu a gabansa, kowace ta ce mai ita mai ƙwazo ne mai gaskiya, to ba wadda ta gaya masa komai. Abin da yake nema shi ne abin da zai raba wannan da wancan, kuma abin da zai iya dogara da shi in an tambaye shi dalilin da ya zaɓi wane ya bar wane.

Kafin in ci gaba, bari mu ware takardu uku da muke yawan cakuɗawa. Akwai fom ɗin garanto, inda kake ɗaukar lamuni cewa in mutum ya yi ɓarna ko ya gudu da kuɗi a neme ka. Akwai 'yar takardar alfarma da ake karɓowa daga ɗan majalisa ko wani babba, wadda ƙarfinta sunan mai sa hannu ne kawai, ko da bai taɓa ganin mai neman aikin yana aiki ba. Ta uku ita ce tamu ta yau, takardar wanda ya yi aiki tare da mutum, ya ga hannunsa, zai faɗi abin da ya gani. Hedimasta ba shi da ƙarfin ɗan majalisa, kuma in ya yi ƙoƙarin rubutu irin na alfarma, mai cike da roƙo da "a taimaka masa", ya yar da abin da yake da shi wanda ɗan majalisa ba shi da shi, wato sani.

Malamanmu limamai na nan, sun fi ni sanin wani labari da ake kawowa a babin shaida daga Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya ƙara masa yarda. Wani ya zo ba da shaida, Umar ya ce bai san shi ba, a kawo wanda ya san shi. Wani mutum ya miƙe ya ce shi ya san shi da adalci da nagarta. Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne na kusa da ya san shigarsa da fitarsa, ya ce a'a. Ya tambaye shi ko sun taɓa tafiya tare, ya ce a'a. Ya tambaye shi ko harkar kuɗi ta taɓa haɗa su, ya ce a'a. Sai Umar ya gaya masa cewa ashe bai san shi ba. Ku lura, bai ce mutumin ƙarya yake yi ba. Abin da ya bincika shi ne ta wace hanya sanin ya zo masa.

Wannan tambaya ita ce ta farko a ran mai karanta takardarka, don haka ita za ka fara amsawa. Sakin layi na farko ya faɗi ko kai wane ne, a ina kuka yi aiki tare, daga wace shekara zuwa wace, kuma mene ne matsayinka a kansa: kai ne shugabansa, ko ajinku ɗaya, ko shi ne ma ke gaba da kai. "Na san shi tun yana yaro" ba ta da amfani a nan, domin a Kurmin Kogi kowa ya san kowa tun yana yaro. Wadda ke da amfani ita ce, "Ni ne hedimastan makarantar, ita ce malamar aji uku a ƙarƙashina daga 2019 zuwa 2023, nakan shiga ajinta duba darasi aƙalla sau biyu a kowane zangon karatu, kuma ni ke sa hannu a littafin shirin darasinta kowane mako." Da wannan jimla mai karatu ya san nauyin da zai ɗora wa sauran maganarka. In kuwa akwai dangantaka ta jini ko ta aure a tsakaninku, ko dai ka faɗe ta a nan, ko ka tura mutumin wurin wani ya rubuta masa. Ranar da aka gano ka ɓoye, duk yabon da ka yi zai koma kansa da sharri.

Yanzu bari mu ɗauki misali guda mu bi shi daki-daki. Ba wata malama takamaimai nake nufi ba, kuma alƙaluman da zan faɗa na misali ne. Mu kira ta Malama Wance. Tana da takardar NCE daga tsohuwar Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Zariya, tana koyar da aji uku a wata firamare a nan yankin, sai ta ga sanarwar wata ƙungiya mai aikin inganta karatun yara da Hausa tana neman jami'an da za su riƙa zagaya makarantu suna horar da malamai. Irin waɗannan ayyuka ba baƙi ba ne a jiharmu, tun daga shirin ESSPIN da ya yi aiki a Kaduna shekaru da dama har zuwa PLANE da ya biyo baya a Kaduna da Kano da Jigawa. Ta zo wurinka, kai hedimastanta.

Kada ka taɓa alƙalami a ranar. Ka ce ta kawo maka sanarwar aikin kanta, da takardar tarihin karatunta da aikinta da za ta miƙa, ta kuma gaya maka ranar rufewa da yadda ake so a aika. Sannan ku zauna na kwata ɗaya, ka tambaye ta abubuwa biyu ko uku da take ganin ta fi yi da kyau a ajinta. Wannan ba maguɗi ba ne. Kai kana da malamai goma sha a ƙarƙashinka, ita aikin kanta kawai take riƙe da shi, za ta tuna maka abin da ka manta. Sharaɗin shi ne duk abin da ta tuna maka ka koma ka duba shi a rajista ko a littafin jarrabawa, kuma abin da ba ka shaida ba kada ya shiga. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce mata, "Je ki rubuto, in sa hannu." Mai tantancewa yakan gane, don takardar shaidar za ta fito da murya ɗaya da takardar neman aikin, har kuskuren rubutunsu ya zo iri ɗaya.

Da ka karanta sanarwar za ka ga abin da suke so: mai iya koyar da karatun farko, mai iya tsayawa gaban manya 'yan'uwansa malamai ya horar da su, mai iya shiga ƙauyuka, mai aiko da rahoto a kan lokaci. To, ga aikinka nan an yanka maka. Malama Wance tana iya zama gwanar shirya wasan kwaikwayo ranar rabon sakamako, amma ba shi aka tambaya ba, bar shi. Takarda ɗaya ba ta yi wa kowane nema. In gobe ta ce za ta nemi digiri a Jami'ar Ahmadu Bello, wata takardar za ka rubuta, wadda za ta yi magana a kan son karatunta da iya rubutunta, ba zagayen ƙauye ba.

Sai mu zo kan zuciyar takardar. A tsohuwar hanya za ka rubuta, "Malama ce mai ƙwazo wadda ta ɗaga darajar karatu a makarantarmu." Ku saurari wannan kuma:

"A farkon shekarar karatu ta 2021, ajinta na da yara 84. Ni da mataimakina muka gwada su ɗaya bayan ɗaya, muka tarar 11 kaɗai ke iya karanta gajeren sakin layi da Hausa. Ta raba ajin gida uku, masu sanin haruffa kawai, masu haɗa gaɓoɓi, da masu karanta kalmomi, ta ware minti arba'in na farkon kowace safiya tana bin kowane rukuni da abin da ya dace da shi, da katunan da ta yanka daga kwalaye da hannunta. A ƙarshen zango na uku muka sake gwada su da wani rubutu da ba ta taɓa gani ba. Cikin yara 79 da suka rage a ajin, 47 sun karanta."

Ku duba abin da ke cikin wannan. Akwai inda aka faro da inda aka kai, domin adadi ɗaya shi kaɗai ba ya nuna komai. Akwai abin da ita ta yi da hannunta, ba abin da makaranta ta yi ba. An faɗi wanda ya yi gwajin, kuma ba ita ba ce. Sannan ba a ɓoye cewa yara biyar sun fita, wasu 32 kuma har yanzu ba su iya ba. Wani zai ce, ai wannan 32 rage mata daraja ne, me zai hana a ce duk ajin sun iya? Wanda ke ɗaukar irin wannan aiki ya shiga azuzuwan ƙauye fiye da ni da ku. Ya san yadda aji ke ramewa lokacin girbi da tsinkar tumatir da ranar kasuwa, ya san aji mai yara tamanin ba ya komawa masu karatu duka a shekara guda. In ka ce masa duka sun iya, ya daina yarda da kai daga wannan layin har ƙasa. In ka ce 47, zai ce wannan hedimasta ya ƙirga.

In ba ka da irin waɗannan alƙaluma, kada ka ƙirƙira. Labari ƙarami na gaskiya yana tsayawa a madadinsu. Ka faɗi ranar da rufin ajinta ya yaye da iskar farkon damina, ta kwashe yaran zuwa zauren mai unguwa ta ci gaba da darasi har aka gyara. Ka faɗi cewa ita kwamitin kula da makaranta ya damƙa wa kuɗin gyaran, ta kawo rasit na kowane kwano da ƙusa, ta dawo da canji. Wannan shi ne tambayar Umar ta uku, harkar kuɗi. Bayan ka faɗi haka ba ka buƙatar rubuta "mai amana", mai karatu zai faɗa da kansa, kuma abin da mutum ya gano da kansa ya fi zama a ransa fiye da abin da aka gaya masa.

Batun horar da manya ma haka. In ta taɓa jagorantar taron malaman makarantun da ke kusa, ka ce malamai nawa ne, sau nawa, kuma me ya biyo baya, misali biyu daga cikinsu suka ɗauki tsarin rukunin nan a azuzuwansu. In ba ta taɓa yi ba, kada ka ce ta yi. Ka faɗi mafi kusa da shi da ka gani: sabuwar malamar da aka turo, ita ta zaunar da ita ta koya mata shirin darasi.

Akwai jimla guda da masu tantancewa ke nema da ido, ita ce ta kwatanci. "Tana da kyau" ba ta da ma'auni. "Cikin malaman ƙananan azuzuwa kusan talatin da na yi aiki da su, tana cikin uku na gaba wajen koyar da karatun farko" tana da ma'auni, tana da iyaka. Ka faɗi cikin su wa, kuma a wane fanni. Sai dai wannan jimla jari ce, ana kashe ta da lissafi. Dillalin da duk san da ya riƙo a kara ya rantse ba a taɓa kawo irinsa ba, kasuwa biyu ake yi a daina sauraronsa. Ofisoshin da ke ɗaukar ma'aikata a wannan yanki ba su da yawa, mutanen ciki kuma sukan daɗe. In a bana ka aika musu mutum uku kowanne "ba a taɓa yin kamarsa ba", baɗi wanda ya cancanta da gaske shi zai biya bashin.

Kada ku ɗauka ra'ayina ne kawai. Wasu masana tattalin arziki uku, Martin Abel da Rulof Burger da Patrizio Piraino, sun yi gwaji a Afirka ta Kudu a kan matasa masu neman ƙananan ayyuka, aka buga sakamakon a 2020. Sun riƙa aika takardun neman aiki na mutanen gaske, wani lokaci haɗe da shaidar tsohon maigidan aiki, wani lokaci babu. Haɗawa da shaidar ta ƙara yawan waɗanda ake kira da kusan kashi 60 cikin ɗari, kuma mata ne suka fi cin moriyar. Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne, shaidar da tsohon maigida ya ba mutum maki mafi girma a kowane fanni ba ta yi tasiri ba. Masu ɗaukar aiki ba su yarda da ita ba. Wato mai shaidar da ya ga kamar yana kyautatawa da ya cika yabo, ya mayar da takardar banza.

Wannan ya kawo mu kan abin da ya fi yi mana nauyi a al'adarmu, faɗin rauni. Mun tashi a kan rufin asiri, kuma abu ne mai kyau. Amma malamai sun daɗe da bambance gulma da nasiha. Lokacin da Faɗimatu 'yar Ƙais ta nemi shawarar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan maza biyu da suka nemi aurenta, Mu'awiya da Abu Jahm, ya gaya mata abin da ke ga kowannensu a fili, sannan ya nuna mata Usama. Imamu Nawawi ya lissafa ba da shawara ga wanda ya nema cikin wuraren da ambaton aibin mutum ba ya zama giba. Mai ɗaukar aiki shawara yake nema a wurinka, kuma a bayansa akwai yara ko marasa lafiya da zaɓinsa zai shafa.

Sai dai faɗin rauni yana da ladabi. Ka zaɓi guda, wanda yake gaskiya, wanda ya shafi aikin, ka faɗi abin da mutumin ke yi a kansa. Ga Malama Wance kana iya cewa, "Rahotanninta na zuwa a kan lokaci kuma alƙalumanta daidai ne, amma da hannu take rubutawa, ba ta daɗe da fara amfani da kwamfuta ba, za ta buƙaci horo na 'yan makonni a wannan ɓangare." Ba ka kashe ta ba. Ka gaya musu abin da za su gano a makon farko ko ta yaya, ka kuma sa sun yarda da 47 ɗin da ka faɗa a sama. Kuma ka sanar da ita kafin ka aika, kada ta je intabiyu a yi mata tambayar ta rasa inda ta fito. Abin da ba ya shiga ko kaɗan shi ne sirrin gida: rashin lafiya, mutuwar aure, bashi, saɓaninta da uwargida. Ba a tambaye ka ba, kuma ba naka ba ne.

A nan ina so in yi magana da mu maza, tunda mu ne muka fi yawa a kujerun sa hannu. A 2003 wasu masu bincike biyu a Amurka, Frances Trix da Carolyn Psenka, suka nazarci takardun shaida fiye da 300 da aka rubuta wa likitocin da aka ɗauka koyarwa a wata makarantar likitanci. Suka tarar takardun mata sun fi gajarta, sun fi ɗauke da 'yan kalmomin da ke sa shakka, kuma an fi yabon matan da himma da dagewa, mazan kuma da ƙwarewa da abin da suka cimma. Can Amurka ke nan, amma ku je ku buɗe fayil ɗinku. Namiji za ka ga an ce yana da basira, yana iya shugabanci. Mace kuwa mai kunya ce, mai haƙuri, mai biyayya, uwa ga yara. Duk halaye ne na gari, amma wanda ke neman mai tsayawa gaban malamai ashirin ta gyara musu koyarwa, in ya karanta "mai kunya da biyayya" sai ya ajiye. Har akan ƙara da "duk da tana da ƙananan yara tana ƙoƙari", ana ganin yabo ne, alhali an dasa wa mai karatu tambayar da bai yi niyyar yi ba. Gwajin mai sauƙi ne. In ka gama, ka sa sunan wani malami namiji a wurin nata ka sake karantawa. Duk jimlar da ta yi maka banbaraƙwai a kan namiji, ka tambayi kanka me take yi a takardar mace.

Akwai kuma wata matsala da ta keɓanta da jiharmu. A 2017 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawar cancanta, aka ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin ɗari da aka gindaya ba, aka sallame su. A 2022 aka sake sallamar fiye da 2,000. Ba muhawarar wannan mataki ta tara mu ba, kowa a ɗakin nan yana da ra'ayinsa a kai. Amma da yawa daga cikinsu abokan aikinmu ne, kuma har yau suna zuwa neman shaida don aiki a makarantu masu zaman kansu, ko Islamiyya, ko wani kamfani. Me za ka rubuta? Kada ka ce ya ajiye aiki don kansa, ƙarya ce, kuma mai sauƙin ganowa, don duk mai makaranta a Kaduna in ya ga aikin malami ya tsaya a wannan lokacin ya san dalili. Ka zauna da shi ku yarda a kan jimla ɗaya madaidaiciya, cewa aikinsa ya ƙare a sallamar da aka yi bayan jarrabawar 2017. Daga nan ka koma kan abin da jarrabawa ba ta auna ba kai kuwa ka gani: zuwansa a kan lokaci, riƙon rajista, yadda yake shawo kan iyaye su dawo da yara. In ya koma karatu bayan nan, ko ya ci jarrabawar hukumar rajistar malamai ta TRCN, ka faɗa da shekara. In kuma a zuciyarka ka san ba ya iya koyar da lissafin aji shida, kada ka shaide shi a kan wannan. Ka shaide shi a kan abin da yake iyawa, ka kuma ba shi shawara ya nemi aikin da ya dace da hakan.

Wani lokaci amsar da ta dace ita ce a'a. In ba ka san aikin mutum ba, ko ka sani kuma ba za ka iya yabonsa da gaskiya ba, gara ka gaya masa tun da wuri, "Wane, ni ban ga aikinka sosai ba, mataimakina ya fi ni saninsa, je ka wurinsa." Da nauyi, na sani, musamman in ɗan unguwarku ne kuma za ku haɗu a masallaci da magariba. Amma takarda mai sanyi, layi huɗu ba ɗumi, ta fi ƙin rubutawa cutar da shi, domin ta cinye gurbin da wani zai cika da magana mai ƙarfi, kuma shi bai san abin da ya kayar da shi ba. In kuwa abin da ka sani babba ne, kamar taɓa kuɗin jama'a ko cutar da yara, to babu zancen kunya, ba ka rubutawa, ko wa ya aiko.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma suna kayar da takarda mai kyau. Shafi ɗaya ya isa ga neman aiki, na karatu yana iya kai ɗaya da rabi. A sa kwanan wata, a rubuta ta ga mutum ko ofishin da ke ɗaukar aikin da sunan gurbin da ake nema, a kan takarda mai ɗauke da sunan makaranta in akwai. Sunan mai neman ya zo daidai da yadda yake a takardun makarantarsa, harafi da harafi, shekarun da ka ambata kuma su dace da na takardar tarihin aikinsa. In kai ka ce 2019 shi ya rubuta 2017, ɗayanku za a ɗauka maƙaryaci, kuma ba kai za a hana aiki ba. Yawanci da Turanci ake so. In Turancinka bai kai yadda kake so ba, ka tsara maganarka da Hausa tukuna, ka juya ta da sauƙaƙan jimloli, ka ba wani ya duba maka. Manyan kalmomin da aka kwaso daga takardar wani ba sa burge kowa. Masu ba da tallafin karatu na waje, irin su Chevening ta Birtaniya da ke neman masu shaida biyu, suna da ranar rufewa da ba a ɗagawa, wasu kuma kai za su aiko wa saƙon imel kai tsaye ka ɗora takardar da kanka. Saboda haka in ka ba da adireshin imel, ka riƙa buɗe shi, kuma kada ka bari sai daren ƙarshe, kun san halin sabis ɗin waya a nan.

A ƙarshen takardar ka faɗi matsayinka a fili: kana ba da shawarar a ɗauki Malama Wance a wannan aiki, kuma in da hali kai da kanka za ka sake aiki da ita. Ka sa lambar wayar da kake ɗauka, ka ajiye kwafi a inda za ka same shi. Ƙungiyoyi da yawa sukan kira mai shaida bayan intabiyu, kuma kiran ba ya wuce minti biyar. Za su tambaye ka tun yaushe ka san ta, me ya sa za ta bar wurinku, wane ɓangare take buƙatar taimako, kuma za ka sake ɗaukarta in ta dawo. In baƙuwar lamba ta same ka a kan babur ko a tsakiyar kasuwar Makarfi, ka nemi su ba ka minti goma, ka samu wuri ka zauna, ka tuna abin da ka rubuta, sannan ka amsa da alƙaluman da ke cikin takardar ba wasu ba.

Shugaban taro ya yi mini nuni da agogo. Na ga wasu hedimastoci sun zo da takardun da suka taɓa rubutawa, in sun yarda za mu rufe sunayen mu gyara biyu ko uku tare bayan sallar azahar.